Tallan atamfa da ba ya amsa tambayar mai saye

Idan mai kanti ya biya ka kuɗi don ka rubuta masa tallan kaya, kuskuren da aka fi yi shi ne cika rubutun da yabo. "Atamfa mai kyau, mai inganci, sai wanda ya gani." Kowane shago a kasuwar Sabon Gari haka yake faɗa, kuma matar da ke Samaru riƙe da waya ba za ta iya taɓa ƙyallen ba. Rubutunka ne hannunta.

Gane wannan kuskure ba wuya. Duba saƙonnin da ke shigo wa mai kayan. In duk "nawa ne?" da "yadi nawa?" da "tana zuba?" ne, to tallan bai yi aikinsa ba.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta taɓa ba ni irin wannan aiki. Kafin na rubuta ko harafi ɗaya na ce mata, "Hajiya, ina son in ga turmin da idona." Na warware shi, na tabbatar yadi 6 ne cif, na roƙi ɗan ƙyalle na jiƙa a ruwan sabulu a farin kwano. Ruwan bai sauya ba. Sannan na rubuta: "Atamfa auduga zalla, turmi ɗaya yadi 6, naira 18,000. Shuɗi da fari, ba ta zuba. Muna kaiwa Samaru da Tudun Wada yau."

Lura da inda farashin ya zauna. Facebook da Instagram sukan yanke rubutu bayan haruffa kamar 125, sauran sai an danna kafin a gani. Wanda ya fara da doguwar gaisuwa ya tura farashi can ƙasa ya binne shi ke nan. Ɓoye shi gaba ɗaya, a ce sai an turo saƙo, ya fi muni, don mace mai kunyar tambaya wucewa kawai za ta yi.

Abin da ya fi damuna shi ne rubuta abin da ba ka tabbatar ba. Kada ka sa "ba ta zuba" don kawai mai kaya ya faɗa, kada kuma ka kira atamfa 'yar Holan alhali kwaikwayo ce. Ranar da aka dawo da kaya, kai za a tuhuma. Haka launi: hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago yakan mayar da shuɗi kamar ruwan toka, saboda haka fito da turmin rana ka ga ainihinsa, ka faɗe shi da sunansa.

Batun kuɗinka kuma, ku yanke tun farko: kaya nawa za ka rubuta, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin. Ni sau biyu nake yarda, na uku da kuɗinsa, kuma in farashi ya sauya mai kaya ne zai sanar da ni kafin a sake ɗora tallan.