Yadda ake ɗora wasan waya na farko a Google Play

A ce kana Mabera a Sakkwato, ka gama haɗa wasan dara, yana tafiya lafiya lau a wayarka. Kada ka yi wa kowa alkawarin za a gan shi a Play Store gobe. Daga buɗe asusu zuwa fitowar wasan, ka ƙaddara wata guda.

Matakin farko shi ne asusun Play Console, wato shafin Google da ake ɗora manhajoji ta cikinsa. Ana biyan dala 25 sau ɗaya tak, saɓanin na Apple da ake biyan dala 99 duk shekara. Ka tabbatar katin bankinka yana biyan dala kafin ka zauna cike fom. Ka zaɓi asusun mutum ɗaya, domin na kamfani yana buƙatar lambar shaidar kamfani da ake kira D-U-N-S. Za a nemi shaidar gwamnati mai hotonka, kuma a nan ne mutanenmu ke yin tuntuɓe: mutum ya rubuta Muhammadu a fom, a katinsa kuwa Mohammed ne. Ka kwafi sunan yadda yake a katin, harafi da harafi.

Sai fayil ɗin wasan. Tun Agustan 2021 sababbin manhajoji da nau'in fayil na AAB ake ɗora su, ba a karɓar na APK. Ka yi tunani sosai kan sunan kunshin, kamar `com.sunanka.dara`, don da zarar ka ɗora, ba ya canzuwa har abada. Mabuɗin da ka sa wa fayil ɗin hannu da shi, ka ajiye kwafinsa da kalmar sirrinsa a wani wuri ban da kwamfutarka.

Shafin da ke gabatar da wasan a Play Store ba ya cin lokaci. Suna bai wuce harafi 30 ba, gajeren bayani 80, dogon kuma 4000. Tambari 512 × 512, babban hoto 1024 × 500, da hotunan allo aƙalla biyu. Hotunan su zama na wasan na haƙiƙa, kuma kada ka sa "kyauta" ko "lamba ɗaya" cikin sunan.

Sashen App content ne ke son natsuwa. Akwai adireshin shafin da ka bayyana yadda kake kula da bayanan masu wasa, akwai tambayoyin da ake fitar da shekarun da wasan ya dace da su, sannan fom ɗin Data safety. Kai a ganinka dara ba ta tattara komai, amma in ka saka tallan AdMob, manhajar tallan tana ɗaukar lambar shaidar talla ta wayar. Ka ce ba ka tattara komai alhali tana ciki, za a iya mayar maka da wasan. Haka kuma in ka zaɓi yara 'yan ƙasa da shekara 13 cikin waɗanda ka yi wasan dominsu, dokokin Families na manhajojin yara sun hau kanka, kuma sun fi tsauri kan talla.

Yanzu ga inda aikin yake. Duk asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya yi Closed testing, wato gwajin da waɗanda ka gayyata kaɗai ke shiga, da mutum aƙalla 12, kwana 14 a jere. Da farko ma 20 ne, daga baya aka rage. Za ka tattara adireshin Gmail ɗinsu ka saka a jerin masu gwaji, ka tura musu mahaɗin shiga. Saka sunan mutum a jeri bai isa ba. Sai ya buɗe mahaɗin da wannan Gmail ɗin ya amince da shiga, sannan ya sauke wasan. Mai iPhone ba ya cikin lissafi.

Ni dai shawarata, ka nemi mutum 16 ko 18. In 12 cif ka tara, abokinka na Arkilla ya fice a kwana na tara, wanda ya maye gurbinsa daga ɗaya zai fara ƙirga nasa kwanakin. 'Yan majalisarku da abokan karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun fi baƙin intanet amfani, don za ka iya karɓar wayar mutum ka ga da idonka ya shiga. Ka bar su su buga da gaske, ka rubuta ƙorafinsu. In wani ya ce layukan dara suna yankewa a ƙaramar wayarsa, ka gyara ka sake ɗorawa, amma ka ɗaga lambar versionCode kamar haka, in ba haka ba za a ƙi fayil ɗin:

```
versionCode 2
versionName "1.1"
```

Kwanakin na cika, sai ka latsa Apply for production, wato neman izinin sakin wasan ga kowa. Za a tambaye ka yadda ka samo masu gwaji, abin da suka faɗa, da abin da ka gyara. Amsar "komai lafiya" ba ta gamsarwa, ana iya ce maka ka ci gaba da gwaji. Ka faɗi gyaran layukan nan dalla-dalla. Dubawar takan ɗauki har kwana bakwai, wani lokaci ta zarce. In an amince, ka ɗora a Production, ka zaɓi ƙasashe: ban da Nijeriya ka haɗa da Nijar, don ana buga dara a Ƙonni da Maraɗi. Wannan ɗorawar ma sai an duba ta kafin wasan ya bayyana, kuma in an ƙi, dalilin yana zuwa ta imel da shafin Policy status.