Yadda Ake Shan Ƙwayar Ƙarin Jini Idan Bahaya Ya Yi Baƙi Kuma Ciki Ya Cushe

Wata maƙwabciyata mai juna biyu a Makka ta daina shan ƙwayar ƙarin jinin da aka rubuta mata a kwana na huɗu da fara sha, domin ta ga bahayanta ya yi baƙi, ga ciki ya cushe. Abin ya dame ni, saboda ta bar maganin ne a lokacin da ita da abin da ke cikinta suka fi buƙatarsa.

Ƙwayar ƙarin jini ta feros salfet mai nauyin miligiram 200 tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 65, amma ƙaramin hanji ba ya tsotsar sai ɗan kaɗan daga ciki. Ragowar tana gangarawa babban hanji, inda take haɗuwa da sinadarin farar wuta da ƙananan halittun hanji ke fitarwa, kuma wannan haɗin shi ne baƙin da ake gani. Ƙarfen yana kuma ƙona fatar tumbi, har a ji tashin zuciya ko zafin ciki, yana dagula zaman halittun hanjin, sai bahaya ya yi tauri, musamman a zafin Makka da jiki ke saurin bushewa.

Matakin farko shi ne a duba irin baƙin. Na magani yakan yi baƙi-baƙi ko kore mai duhu, ba tare da wani sauyi ba. Idan kuwa ya zo da danƙo kamar kwalta da mugun wari, ko da jiri, ko aman jini, to wannan alamar zubar jini ce daga ciki, kuma a tafi asibiti nan take, balle mai gyambon ciki.

Daga nan a gyara lokacin sha. An fi tsotsar ƙarfe idan ciki babu komai, amma wanda hakan ke tayar masa da zuciya ya sha bayan ɗan abinci, da cikakken kofin ruwa, kuma kada ya kwanta nan da nan. A raba ƙwayar da shayi, gahawa, madara da maganin ƙwannafi da kamar awa 2, domin suna hana tsotsa. Wannan ne ya fi wuya a gidajenmu na nan, inda butar shayi ba ta sauka daga wuta. Don rage cushewar ciki kuwa, a ƙara ruwa, ganye, wake da dabino.

Idan cushewar ta ƙi sauƙi, a koma wurin likita kafin a ajiye maganin. Bayan kowace ƙwaya hanta tana fitar da sinadarin hefsidin, wanda ke rage tsotsar ƙarfe na kusan awa 24, shi ya sa likita kan iya mayar da mutum ƙwaya ɗaya a rana, ko a sha yau a tsallake gobe. Haka aka yi wa maƙwabciyata, aka haɗa mata da maganin tausasa bahaya, ta ci gaba da sha. Baƙin bai tafi ba, kuma ba zai tafi ba sai ta gama maganin.