Darasi Na Tara: Ba Shi Lokuta Uku, Ki Faɗi Agogon Wace Ƙasa

Wata 'yar ajinmu da ke sayar da turaren wuta da humra a Kano ta zo mana da wayarta ran nan tana ƙorafi, wai kwana huɗu suna wasap da yayarta da ke Jidda a kan maganar kaya amma har yau ba su yi waya ba. Muka ce karanto mana. Ta rubuta “Yaya yaushe kike da lokaci mu yi magana?” Yaya ta ce “ko yaushe ƙanwata”. Ta kira da safe ba a ɗauka ba, Yaya ta kira da rana ita kuma tana kasuwa ba ta ji ba, sai ta sake rubutawa “to gobe bayan la'asar”, ta idar da sallah ta gama 'yan kintse-kintsenta ta kira wajen huɗu da rabi, nan ma shiru, don a Jidda lokacin shida da rabi ne, a watan Nuwamba kuwa tuni rana ta faɗi, an yi magariba, mutanen gida suna kan abinci.

Ba wanda ya yi laifi fa, tambayar ce tun farko ba ta da baki. In kika ce wa mutum “yaushe kike da lokaci” kin ɗora masa aiki ne, sai ya zauna ya duba satinsa kaf, ya zaɓo, ya turo, ke kuma ki ce ai ranar ina da biki, a koma farko. Shi ya sa mutane ke cewa “ko yaushe”, wanda a gaskiya ba amsa ba ce, kunya ce kawai.

Gyaran shi ne ke ki yi aikin. Ki duba naki satin ki fitar da lokuta uku da kin tabbata kina nan, waya da caji, da data, ki sa musu lamba, ki faɗi agogon ƙasar da kike nufi. Ga yadda muka gyara mata a allo:

Salamu alaikum Yaya, ina wuni, ya yara? Ina so mu yi waya ta minti 15 a kan kuɗin kaya da wanda zai kai. Ga lokuta uku, ki zaɓi ɗaya:
1. Talata 4 ga Nuwamba, 9:00 na safe agogon Najeriya, 11:00 na safe a wajenku
2. Laraba 5 ga Nuwamba, 2:30 na rana agogon Najeriya, 4:30 na yamma a wajenku
3. Asabar 8 ga Nuwamba, 8:30 na dare agogon Najeriya, 10:30 na dare a wajenku
Lamba kawai za ki turo, ni zan kira. In duk ba su yi ba ki faɗi naki.

Kafin a tashi daga aji amsa ta shigo: “2 in sha Allah.” Shi ke nan.

Ku lura ba haka kawai muka jero ukun ba. Ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare, kuma ranaku daban-daban, saboda in kika jera Talata tara, Talata goma, Talata sha ɗaya, ai lokaci ɗaya kika bayar, in tana asibiti ranar Talata duk sun zube tare. Mun kuma tsallake Juma'a, a Saudiyya ranar hutu ce, ga masallaci ga ziyara. Sannan da farko ta so ta sa goma na safe, muka lissafa muka ga sha biyun rana kenan a Jidda, ana dab da kiran azahar, sai muka ja shi baya zuwa tara. Wato ba lokacinki kaɗai za ki duba ba, ki juya shi zuwa nasu ki tambayi kanki me mutum yake yi a wannan sa'ar. Me ya sa uku ba biyar ba? Guda ɗaya kamar umarni ne, ga babba ma bai dace ba, biyu suna saurin faɗuwa duka, biyar kuma kin koma ba shi aikin tunani, ga shi ke ma sai kin tsare duk biyar ɗin har ya amsa.

Sunan wata ma da dalili muka rubuta shi. “4 ga wata” a wajen wanda ke lissafi da watan Musulunci wata rana ce daban. Haka “gobe” da “jibi”, in saƙon bai shiga ba sai washegari saboda netwok, goben wa kenan? Rana, kwanan wata, ƙarfe nawa, safe ko dare, agogon ina. Kar ki bar ko ɗaya.

Yanzu lissafin. Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi agogonmu ɗaya ne, in kin duba a waya za ki ga an rubuta GMT+1, kuma ba ya canzawa duk shekara. Saudiyya GMT+3, sai ki cire ɗaya daga uku, saura biyu, sun riga mu da awa biyu, ƙarawa za ki yi. Sudan sun riga mu da awa ɗaya, Dubai da uku, Sin da bakwai, shi ya sa mai oda daga Gwanzu in ya bari sai ƙarfe biyun rana a Kano, can tara na dare ne an rufe shago. Gana kuwa suna bayanmu da awa ɗaya, ragewa za ki yi, goman Kano tara ce a Kumasi. Ni a ganina wannan awa ɗayan ya fi bakwai ɗin haɗari, don mai kiran Sin ya san da bambanci yana lissafi, mai kiran Zangon Kumasi kuwa Hausa yake ji a ɗaya gefen sai ya manta ma wata ƙasa ce.

Akwai kuma tarkon Ingila. Su suna juya agogo sau biyu a shekara, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan cif, daga nan kuma sai su koma bayanmu da awa ɗaya. To wanda ya saba kiran ɗansa ƙarfe takwas tun watan Yuli, ranar da Nuwamba ta kama zai kira ya tarar yaron bai taso daga aiki ba, ya yi ta faɗa. In ba ki da tabbas kar ki yi ta kai, buɗe agogon wayarki, akwai wajen da ake ƙara garuruwa, ki sa sunan garin ki ga ƙarfe nawa ne can yanzu. Dalilin rubuta agogo biyun a saƙo kenan ma, in kin yi kuskure mai karɓa zai gani nan take ya ce a'a ba haka ba ne.

In an amsa, ki mayar da layi ɗaya: “To madalla, Laraba 2:30 namu, 4:30 naku, zan kira.” Sauran biyun kin sake su, ki yi harkarki da su.

Aikin gida: rubuta wa kawunki da ke Kumasi saƙo irin wannan a kan ɗinkin da ya ba ki, lokuta uku, agogo biyu a kowanne. Na farkon ki sa shi ƙarfe 8:00 na safe agogon Najeriya ki lissafa nasa, sannan ki faɗa mana a aji ko za ki bar shi haka ko za ki matsar da shi.