Yadda ake rufe jawabi mutane su tashi sun san abin yi

Ni dai a Madina na koyi wannan abun, kuma da wuya na koye shi. Ina cikin ɗaliban da kan taimaka wa masu zuwa Umra daga gida, to akwai wani dare da na tara mutanena su 40 da 'yan kai a ɗakin cin abinci na otal ɗinmu a Markaziyya, unguwar da ke kewaye da Masallacin Annabi, bayan Isha, gobe za mu wuce Makka. Na yi bayani wallahi har ni kaina na ji daɗinsa, na kawo miƙati na kawo talbiya na kawo abubuwan da aka hana mai harami, sai da na zo ƙarshe kawai murya ta fara sauka, "to shi kenan dai, Allah ya sa mu dace, sai dai kowa ya yi ƙoƙari ya shirya da wuri, eh to, haka dai ne." Aka watse. Washegari direba na ta danna hon yana yalla yalla ya Hajji, wani Baba yana Masallacin Annabi bai dawo ba, maza kusan goma haraminsu na can ƙasan akwati an riga an danne shi da kaya a cikin mota. Ba wanda ya yi laifi, ni ne ban gaya musu abin da za su yi ba, ce musu kawai na yi su yi ƙoƙari.

Ga yadda nake yi yanzu.

Na farko, kafin ka shirya komai na jawabin, fara rubuta maganar da za ka rufe da ita. Tambayi kanka, in mutanen nan sun manta duk abin da na faɗa, wane abu ɗaya ne in ba su yi shi ba tafiya ta lalace? A namu lamarin amsar a fili take. Miƙatin mutanen Madina shi ne Zulhulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali, tafiyar 'yan mintuna ce daga cikin gari, daga nan kuma sai hanya ta miƙe fiye da kilomita 400 zuwa Makka, wanda ya wuce shi bai yi harama ba ko dai ya dawo ko yanka ya hau kansa. Masallacin akwai wuraren wanka amma lokacin cunkoso layi kake bi, direba kuma ba zai jira mutum 40 su yi wanka ɗaya bayan ɗaya ba. Saboda haka abu ɗayan shi ne kowa ya sauko daga ɗaki ya riga ya yi wanka, maza da haraminsu a jiki, a miƙati sai sallah da niyya kawai. Sauran saƙonni irin su a riƙe katin otal, a caza waya, kar a manta magani, duk ka zuba su a tsakiyar jawabi ko ka tura guruf ɗin WhatsApp. In ka jera abu bakwai a ƙarshe to Hajiya za ta riƙe na cazar waya ta saki na wanka.

Na biyu, cika maganar da wa, me, ina, yaushe. Nan ne yawancinmu muke zamewa don kunya, muna ganin kamar rashin ladabi ne ka ba sa'an babanka umarni, sai mu ɓuya a bayan "a yi ƙoƙari" da "ya kamata a". To wa zai yi? Ladabi yana cikin yadda ka kira su ne, ka ce iyayena, ka ce don Allah, amma aikin kansa ka faɗe shi ƙarara. Lokaci kuma kar ka ce "da rana" ko "da wuri", ɗaura shi da sallah sannan ka ƙara agogo, don a Madina kowa da kiran sallah yake lissafi, wasu ma agogon hannunsu har yanzu lokacin gida yake nunawa, awa 2 ke nan a baya in daga Najeriya ko Nijar suka zo. Wuri ma haka, "ƙasa" bai isa ba a otal mai ƙofa biyu, ka ce gaban resefshin, wajen kujerun nan jajaye.

Ga irin yadda nake faɗa, kusan kalma da kalma:

"Iyayena da yayyena, abu ɗaya nake roƙonku da shi a daren nan. Gobe da an sallame Azahar kowa ya dawo otal kai tsaye, kar a biya kasuwar dabino. A yi wanka a ɗaki, maza ku ɗaura haraminku a ɗaki, iyayenmu mata ku sa kayan da za ku yi Umra da su. Ƙarfe 2 mu haɗu gaban resefshin kowa da jakarsa. Harami a fito da shi daga akwati tun yau kafin a kwanta."

Ka lura da jimlar ƙarshe, wannan ƙaramin aikin da za a iya yi cikin minti biyar da tashi daga taro shi ke jawo babban, wanda ya ajiye haraminsa a kan gado yau da wuya ya sauko da jallabiya gobe.

Na uku, tambayoyi su zo kafin rufewa ba bayanta ba. Da can ina rufewa sai in ce akwai mai tambaya, sai wani Alhaji ya tashi da maganar canjin riyal ko ruwan Zamzam da za a kai gida, a yi minti goma a kai, mutane su fita da Zamzam a ka. Yanzu cewa nake, zan ɗauki tambaya uku, bayan nan akwai magana ɗaya da nake so kowa ya tafi da ita, kar kowa ya tashi. Kuma ka duba lokaci, in taron kafin sallah ne ka gama da saura minti 15 ko fiye, don da zarar an fara kira ba mai sauraronka kuma, takalma kawai ake nema.

Na huɗu, bayan ka faɗa ka ɗan yi shiru, sannan ka gwada ko ta shiga. Kar ka ce "kun gane?", kowa eh zai ce maka. Ni nakan waiwayi wanda ke can baya in ce Baba don Allah tuna mana, ƙarfe nawa muka ce, a ina? In ya amsa daidai kowa ya sake ji daga bakin wani, in ya ce bayan La'asar to ka gode Allah da ka kama kuskuren yau ba gobe a bakin mota ba. Sannan gajeriyar addu'a, ka yi sallama ka zauna. Ko ka tuna wani abu kar ka miƙe da "af na manta", riƙe shi ka tura a waya.

Wani lokacin kai kanka ba ka da tabbas, kamfanin mota bai ba ka lokaci ba tukuna. Kar ka ƙirƙiro ƙarfe 2 don jawabi ya yi kyau, in ta saɓa sau ɗaya gobe ba mai yarda da agogonka. Nemi abin da ke hannunka kawai, a fito da harami yau, a haɗa kaya, bayan Asuba kowa ya leƙo resefshin zan manna takarda da lokacin tashi.

Alamar da nake dubawa ita ce abin da ake tambayata a bakin lifta. In na ji "Malam to yanzu ya ake ciki?" na san ban rufe ba, sai in bi ɗaki ɗaki a daren in gyara. In kuwa tambayar ita ce ko ƙaramar jaka za ta iya shiga cikin mota tare da mutum, sai in ce eh Hajiya za ta shiga, in wuce in nemi shayi.