Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a gasar bayanin kundin digiri cikin minti uku

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya duk shekara, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta kowa ya huta. Gasar nan ta bayanin kundin digiri cikin minti uku, wato 3MT, Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya ce ta fara ta a 2008, kuma dokokinta ba su da yawa: minti uku, silaid guda ɗaya tak wanda ba ya motsi, ba bidiyo, ba waƙa, ba ka shigo da wani kaya a hannu kana nunawa. Ka wuce minti uku an cire ka. Masu sauraro kuma ba 'yan fanninka ba ne, cikin alƙalai za ka iya samun ɗan jarida ko malamin tarihi alhali kai aikinka a kan noma ne.

Babban kuskuren da ya fi ci min rai shi ne mutum ya ɗauko babi biyar ɗin nan ya ce sai ya matse su duka. Gabatarwa daƙiƙa 30, bitar ayyukan magabata daƙiƙa 30, hanyar bincike daƙiƙa 40, haka haka har shawarwari. Haba malam! Wannan ai difens ka kawo mana, kawai dai ka ƙara masa gudu. Wanda ke zaune a gabanka bai damu da wa ya rubuta me a 1995 ba, bai damu da sunan manhajar da ka yi lissafi da ita ba, abin da yake jira shi ne mene ne matsalar, wa take damu, me ka gano. Sakamako ɗaya za ka zaɓa, ɗaya fa, sauran ka bar su a cikin kundin ba inda za su je.

Ga misali. Wata ɗaliba da na taya shiri aikinta a kan wuta-wuta ne, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke kashe dawa da masara. Rubutunta na farko da sunan ciyawar na kimiyya ya fara, sai yadda aka tsara filayen gwaji, sai sau nawa aka maimaita, minti ɗaya da rabi ya tafi ba ta ambaci manomi ba ko sau ɗaya. Na ce ajiye takardar, faɗa min da Hausa kamar gwaggonki kike wa bayani. Sai ga shi ta ce ai irin wuta-wuta ƙanana ne kamar ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba su tsiro ba, sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa sannan su farka su maƙale mata suna tsotsa, kafin manomi ya ga furen a sama an riga an gama yi masa ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Na ce to me kika yi? Ta ce waken suya ma yana fitar da irin sinadarin, sai irin ya ruɗu ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwar waken suya, sai ya mutu da yunwa, ita kuma ta gwada shuka waken suya shekara guda kafin masara ta ƙirga wuta-wutar da ta fito. Na ce yauwa, jawabinki ke nan, me ya hana ki faɗi haka tun farko?

Da wannan muka gina shi. Daƙiƙa 40 na farko manomi da gonarsa da ta ƙi yi duk da ya yi noma. Minti ɗaya yadda ciyawar ke aiki da dabarar ruɗinta. Yadda ta yi gwajin kuma a jimla biyu kacal: gona biyu, ɗaya masara bayan masara, ɗaya masara bayan waken suya. Sai sakamako da lamba ɗaya, sai abin da manomi zai yi da shi damina mai zuwa. Teburan alƙalumanta goma sha wani abu ko ɗaya bai shiga ba, sufabaiza ɗinta ma sai da ya ɗan yi ƙorafi wai an zubar da kimiyyar, to ba shi za a yi wa jawabin ba.

Lambar ma a faɗe ta yadda kunne zai riƙe. A ce abin ya ragu da kashi 48.6 cikin ɗari, ka ce kusan rabi. Amma kar garin son burgewa ka ce ka kawar da wuta-wuta a Najeriya daga gwajin damina biyu a gona ɗaya, akwai mai sani a cikin zauren kuma zai gane.

Na biyu lokaci, kuma wannan har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani yaro da na sha wahala a kansa, jawabinsa ya fi na kowa a ranar, a gida yana gamawa a minti biyu da daƙiƙa 58 yana murna wai ya ci lokacin daidai. Ranar gasa ya yi barkwancinsa mutane suka yi dariya ya tsaya ya jira su, ya ɗan yi tuntuɓe a wata kalma ya maimaita, yana tsakiyar jimlar ƙarshe lokaci ya cika. Aka cire shi, ko maki ba a duba ba. Ku ji ni da kyau, wanda yake gamawa a 2:58 a ɗakinsa ya riga ya wuce lokaci. Ni yanzu ba na barin kowa ya hau sai ya sauko 2:40, kuma a tsaye, da murya sama, gaban mutane, ba karatu a zuci kana kwance a katifa ba. Mai magana a natse kalma wajen 130 yake yi a minti, don haka rubutun da ya haura kalma 350 ni almakashi nake sa masa. Wasu masu horarwa suna bari har 400 ko fiye, su suka sani. In ka ga sai ka yi sauri kafin ka shiga lokaci to kalmomin ne suka yi yawa, rage su, kar ka ƙara gudu.

Sannan wannan gaisuwar tamu, shugaban taro, manyan alƙalai, iyayena malamai, 'yan uwana ɗalibai. Agogo fa tun kalmar farko ya fara tafiya. An riga an kira sunanka da taken aikinka, shiga maganarka kai tsaye, ba wanda zai ce ba ka da tarbiyya.

Silaid kuma, don an ce guda ɗaya ne sai mutum ya cusa jadawali uku da tambarin jami'a da sunan sufabaiza. Mutane ba sa iya karatu da sauraro lokaci guda, in suna karanta bango kai sun bar ka. Ita waccan ɗalibar hoto ɗaya ta sa, gonakin biyu gefe da gefe, ɗaya ta yi ja da fure ɗaya kore shar. Kuma kar ka juya wa mutane ƙeya kana kallon silaid ɗinka.

Haddar tsakiya da sakaci da ƙarshe shi ma yana kayar da mutane, jimlar farko da ta ƙarshe su ya kamata su zauna daram. Kalmar fanni in dole ce ɗaya ta isa, ka fassara ta nan take. Buɗewa da "shin ko kun san" an yi ta har ta gundure, nemi wata hanyar.

Gwajin da nake yi kafin in sallami ɗalibi shi ne in sa ya yi wa wani wanda ba ɗan sashensu ba, ko mai shagon fotokwafi ne, bayan an ɗan jima in tambayi mutumin me yaron nan ya gano. In ya ce "wani abu dai a kan noma, amma ya iya Turanci", mun koma rubutu daga farko.