Yadda Ake Gano Inda Kuɗin Siminti Ke Zurarewa A Gidan Bulo

Na ga akawu fiye da ɗaya a gidajen bulo na Sakkwato ya kai wa maigidansa albishir a ƙarshen wata cewa an yi rarar siminti, alhali asara aka tafka. Ba ƙarya ya yi niyyar yi ba. Ya dai gwada abin da aka kashe da adadin da bai kamata ba. Saboda wannan kuskuren na zauna na rubuta yadda ake lissafin da akantoci ke kira sitanda kostin, wato ka tsayar da awo da farashi tun kafin aiki, sannan ka auna abin da ya faru a kansu. Zan tsaya kan siminti kaɗai, domin shi ke cin kuɗi. Alƙaluman duk na misali ne, ka sa naka a gurbinsu.

Da farko ka tsayar da abu biyu. Na ɗaya shi ne awo: bulo nawa mai inci 9 buhu ɗaya mai kilo 50 zai ba ka? Kada ka ɗauki maganar maƙwabci, domin injinsa da yashinsa ba naka ba ne. Ka tsaya a kan masu bugawa kwana uku ko huɗu ka ƙirga da kanka. A ce buhu yana fitar da 42, amma kafin su bushe a loda su a mota ana fasa biyu. To awonka 40 ne, ba 42 ba. Wanda ya rubuta 42 zai riƙa faɗa da leburori kowane wata a kan fashewar da ba makawa sai an yi ta.

Na biyu shi ne farashi. Ni dai a wurina farashin buhu shi ne abin da ya ci har ya shiga sito, da kuɗin mota da na masu saukewa. Kamfanin siminti yana nan kusa a Kalambaina, amma buhu ba ya kawo kansa fili. Mu ɗauka ya kama naira 9,000.

Yanzu ga watan da za mu duba. An tsara buga bulo 8,000, wato buhu 200. Da wata ya ƙare, bulo mai kyau da aka samu 7,200 ne. An sayo buhu 220 a kan naira 9,400 kowanne, an yi aiki da 195, saura 25 suna sito.

Saɓanin farashi, wato bambancin farashin da ka tsayar da wanda ka saya, ba ya ba kowa wahala. Ka cire farashin da ka saya daga tsayayyen farashi, ka ninka da yawan buhunan da aka sayo:

```
(9,000 - 9,400) x 220 = -88,000
```

An yi asarar naira 88,000 ta ɓangaren saye. Wasu suna ninkawa da buhu 195 da aka yi aiki da su, sai su samu 78,000, kuma ba a ce sun yi kuskure ba. Amma ni da 220 nake yi, domin tsadar ta riga ta same ka ranar da ka biya dila, babu dalilin jira sai an farka buhun kafin ka ji labarinta. Idan ka bi wannan hanyar, buhu 25 ɗin da suka rage ka rubuta su a littafin sito a kan 9,000.

Sai saɓanin amfani, wato bambancin buhunan da ya kamata a yi aiki da su da waɗanda aka yi aikin da su, kuma nan ne ake faɗuwa. Sabon akawu yakan dubi takardar tsari ya ga buhu 200, ya dubi littafin sito ya ga 195, sai ya ce an rage buhu 5, an yi rarar naira 45,000. Ni ma farkon aikina haka na rubuta, har maigida ya ƙara wa shugaban leburori kuɗin goro a kai. Sai da ya zo biyan dila ya ga kuɗin cinikin bulo bai kai inda ya zata ba, ya kira ni ya ce, "Malam, ina rarar da ka ce an yi?" Ba ni da amsa a lokacin.

Abin da na manta shi ne buhu 200 ɗin nan na bulo 8,000 ne, mu kuwa 7,200 muka buga. Tambayar da ta dace ita ce: bulo 7,200 buhu nawa ya kamata su ci? Ka raba 7,200 da 40, ka samu 180. Da 180 za ka gwada 195, ba da 200 ba. Ka soke 200 daga kanka gaba ɗaya, aikinta ya ƙare tun ranar da aka yi tsarin saye.

```
(180 - 195) x 9,000 = -135,000
```

Buhu 15 sun tafi babu bulon da za a nuna a kansu, asarar naira 135,000. Ka lura da 9,000 na ninka, ba 9,400 ba. Mai buga bulo ba shi ya je kasuwa ba, bai kamata tsadar kasuwa ta hau wuyansa ba. Idan ka ninka da 9,400 ka ƙirga ƙarin naira 400 ɗin sau biyu ke nan, an riga an kama shi a saɓanin farashi.

Kuma 7,200 ɗin nan bulon da ya bushe ya tsira ne, wanda za a iya sayarwa. Kada ka ɗauki ƙirgen masu bugawa na yamma, domin da ƙirgen nan ake biyansu, ɗanyen bulo suke lissafawa. Wanda ya fashe daga baya ya ci siminti amma ba ya cikin 7,200.

Da ka samu buhu 15, ka bar tebur ka fita fili. Kada ka fara da zargin sata, ko da yake tana faruwa. Ka duba tarin fasasshen bulo tukuna. A zafin Maris da Afrilu, ko da hunturu in iska ta bushe, bulon da ba a ba shi ruwa safe da yamma ba yakan bushe da wuri ya riƙa marmashewa a hannun masu loda. Da damina kuma ka shiga sito ka taɓa buhunan da ke ƙasa da na jikin bango, wanda laima ta taɓa ya dunƙule. Sannan ka tambayi daga ina aka kawo yashi. Na taɓa ganin an sami tifar yashi mai araha, mai saye yana murna, ashe akwai laka a ciki, masu bugawa suka riƙa ƙara siminti don bulon ya kama. Takarda ta nuna riba a farashin yashi da asara a amfanin siminti, kuma mutum ɗaya ne sanadin duka biyun, shi ne aka yaba wa.

Idan kuma saɓanin amfani ya nuna rara mai yawa, kamar a ce buhu 150 ne suka fitar da bulo 7,200, ni tsoro nake ji. Ma'anarsa buhu ɗaya ya ba da 48, an tsawaita kwaɓi da yashi, kuma a ginin wani bawan Allah bulon zai shiga. Ka ɗauki ɗaya ka gwada ƙarfinsa kafin ka bari mota ta fita da shi.

Ka riƙa yin lissafin nan kowane mako in da hali, domin buhu huɗu na makon jiya ana iya tuna inda suka shiga, na wata guda kuwa kowa zai ce bai sani ba. Ka sa mai sito ya ƙirga buhu da hannu, ba daga littafi ba. Buhu ɗaya ko biyu a wata kada su hana ka barci. Idan farashi ya zauna a 9,400 wata biyu ko uku a jere, ka mayar da shi sabon tsayayyen farashi, ka sake duba kuɗin da kake sayar da bulo. Yashi da man inji ma haka za ka yi musu, kowanne da nasa layin.