Taken imel da abin da ke cikinsa: inda ake yawan kuskure

Kuskuren da na fi gani a ofisoshi da makarantun Katsina shi ne sanya gaisuwa a gurbin Subject, wato taken imel. Mun taso da ladabi, don haka hannu ya saba fara rubuta "Assalamu alaikum" ko "Barka da aiki". Sallama tana da muhallinta a layin farko na saƙon. Amma wanda ya duba waya, sunanka da 'yan kalmomin farko na taken ne za su fara ɗaukar idonsa, kuma da su zai yanke ko ya buɗe yanzu ko sai bayan Isha'i.

Ɗauki misalin jami'ar jarrabawa a wata makaranta da ke Ƙofar Ƙaura. Tana buƙatar makin ɗalibai ranar Alhamis kafin ƙarfe 12, domin za a buga sakamako ranar Juma'a. Idan ta sa "Barka da yamma, Malam", malamin zai ɗauka gaisuwa ce, ya bari sai ya samu sukuni. Gyaran shi ne ta sa abin da ake so da wa'adinsa a gaba: "Makin aji 3: kafin ƙarfe 12 ranar Alhamis". Ranar da lokacin sun isa su nuna gaggawar.

Akwai kuma masu yi wa kowane saƙo take da GAGGAWA cikin manyan baƙaƙe, a buɗe a tarar taron wata mai zuwa ne. Kana yin haka sau biyu ko uku, mutane za su daina gaskata ka, ranar da abin ya matse kuwa ba mai motsi. Kafin ka sa kalmar, tambayi kanka me zai lalace idan ba a amsa yau ba. In babu, cire ta.

Taken saƙon tunatarwa ya fi wuya, musamman ga babba. "Har yanzu ba ku aiko ba" zargi ne, ko da cikin saƙon cike yake da "ranka ya daɗe". Mutum ya riga ya ɓata rai kafin ya kai ga ladabin. Ranar Talata jami'ar za ta iya rubuta "Tuni: makin aji 3, zuwa Alhamis". Sai ranar Alhamis da safe kalmar gaggawa ta dace: "Gaggawa: makin aji 3, yau kafin ƙarfe 12".

Kada kuma a danna Reply a kan tsohon saƙo don sabuwar buƙata, domin taken zai fito da Re: da tsohon zance, a ɗauka an riga an gama da shi. Buɗe sabon saƙo, ka gama rubuta cikinsa, sannan ka sa take, ka karanta su tare ka ji ko muryarsu ɗaya.